Kawuna zai ba ni jarin ridi, amma yana son a yanka masa kuɗi duk wata. Ya halatta?

Ɗan_Gadarif
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu ilimi da waɗanda suka daɗe a kasuwa. Kawuna da ke Jidda ya ce zai ba ni riyal 10,000 in ja jari. Niyyata in shiga ƙauyukan wajen Doka da kaka in sayi ridi, in zuba a sito, in fitar idan ya yi daraja. Ban taɓa juya kuɗi da kaina ba, yaron shago nake a wajen wani mai hatsi. Sharaɗin kawu biyu ne: duk wata in kai wa iyalinsa da ke nan Gadarif a Sudan abin da ya kai riyal 300, kuma duk ranar da ya nemi dubu gomansa in mayar masa cif. Ya ce wannan ba bashi da ruwa ba ne, haɗin gwiwa ne, tunda kasuwanci za a yi da kuɗin. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

Abu_Safiyya
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa karɓi abinka ka yi godiya. A wannan zamanin wa zai miƙa maka dubu goma na Saudiyya? Ai ko mai raksha haka yake yi da direbansa, kullum da yamma a kawo masa abin da aka yanka, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Ban taɓa jin malamin da ya hana ba.

MalamSani_Mairuno
Abu Safiyya, maganar raksha gaskiya ce, amma ba ita ce maganar wannan yaron ba. Raksha haya ce. Direba yana amfani da ita, ita kuma tana nan a matsayin dukiyar mai ita. Idan ta ƙone ba da sakacin direba ba, mai ita ne ya yi asara, shi ya sa kuɗin hayar ya halatta gare shi. Kuɗi kuwa ba a ba da hayarsu, don ba ka amfana da su sai ka kashe su.

Abin da kawunka ya tsara, duk sunan da aka sa masa, rance ne da ƙari. Ka lamunce masa uwar kuɗi, sannan ka ɗora masa 300 duk wata. A shekara 3,600 ke nan a kan 10,000, ko ridi ya yi riba ko ya faɗi. Abin da ya halatta shi ne ƙiradi, wanda bankunan nan suke kira mudaraba: shi kuɗi, kai aiki, riba a raba bisa kason da kuka amince tun farko, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku ko yadda kuka ga dama. Ba a cewa "riyal kaza nawa ne," sai dai "kaso kaza na abin da aka samu." Idan aka faɗi, shi ya rasa kuɗi, kai ka rasa wahalarka. Ba ka biyan ko sisi sai in ka yi sakaci ko ka saɓa abin da aka gindaya maka.

Abu_Safiyya
To Malam, ke nan mai kuɗi shi kaɗai ke shan duka? Wa zai yarda da wannan?

MalamSani_Mairuno
Ba shi kaɗai ba. Yaron zai yi wata biyar yana yawo a ƙauyuka, yana gadin sito, ya tashi hannu wofi. Wannan ma asara ce. Kuma shi mai kuɗin, idan Allah Ya buɗa, rabonsa zai iya wuce 300 ɗin da ya yanka wa kansa nesa ba kusa ba.

Hajiya_Kasala
Ɗana, me ya hana ka shiga sanduƙ? Ni da adashi na fara sana'ar man gyaɗa, mu goma, ba wanda ya bi ni ruwa, ba wanda na raba riba da shi. Ka roƙi uwar adashi ta ba ka ɗaukar farko ko ta biyu, ka ce jari za ka ja. Kuɗin dangi yana da nauyi. Ranar da aka samu matsala ba kai da kawunka kaɗai za ta tsaya ba, har mahaifiyarka sai ta ji a jikinta.

Ɗan_Gadarif
Na gode Hajiya. Ina cikin wani sanduƙ na yaran kasuwa, amma kwasar gaba ɗaya ba ta kai ta cika mota ɗaya da ridi ba. Kuma ɗaukata sai bayan kaka ta wuce.

Usman_Mai_Awo
Malam Sani ya gama da ɓangaren hukunci. Ni bari in taɓo inda na ga zumunci ya fi lalacewa a irin wannan haɗin, ko da an yi shi bisa ƙa'ida. Tambayar ita ce: jarin nan riyal ne ko jine, kuɗinmu na Sudan?

Mu ɗauki lissafi, farashin misali ne kawai, kowa ya sa na ranarsa. A ce ranar da kuɗin suka zo riyal ɗaya jine 600 ne. Dubu goma ta zama jine miliyan 6. Ka sayi ridi na miliyan 5 da dubu 400, sauran dubu 600 suka tafi a buhuna, 'yan dako, mota, kuɗin sito da abin da ake biya a hanya da kasuwa. Bayan wata biyar ka fitar, aka cire dillali da komai, miliyan 7 da dubu 800 suka shigo hannunka. Kai a idonka an ci ribar miliyan 1 da dubu 800. Rabi da rabi, kowa dubu 900. Ka tura wa kawu miliyan 6 da dubu 900 kana murna.

Amma a cikin watannin nan riyal ya koma 720. Kawu ya canza kuɗinsa, ya ga riyal 9,583. Ya ba da dubu goma, an ce masa an ci riba, ga shi abin da ya dawo bai kai abin da ya fita ba. Kai kuma ka sa dubu 900 a aljihu. Me kake tsammani zai faɗa wa 'yan'uwansa?

Yanzu juya shi. Idan tun farko an ce jarin riyal ne, sai an fara cika dubu goman, wato jine miliyan 7 da dubu 200 a farashin ranar rabo. Abin da ya rage dubu 600 ne, kowa dubu 300. Idan kuwa riyal ya kai 800, kuɗin gaba ɗaya riyal 9,750 ne. Babu riba. Kawu ya yi asarar 250, kai ko kuɗin shayi ba ka da shi, alhali ka sayar sama da yadda ka saya.

Ridi ɗaya, ciniki ɗaya, amma rabonka zai iya zama dubu 900, ko dubu 300, ko babu. Duk ya rataya a kan kalma ɗaya da yawancin mutane ba sa furtawa ranar karɓar kuɗi. Tun da yaƙi ya fara a Afrilun 2023 kowa ya ga yadda jine ke zubewa, don haka wannan ba lissafin takarda ba ne.

Ɗan_Gadarif
Yaya Usman ka tayar mini da hankali. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. To wanne ne daidai?

Usman_Mai_Awo
Wannan na malamai ne. Ni a kasuwance abin da na sani, mai riyal ba zai taɓa lissafi da jine a zuciyarsa ba, ko da bakinsa ya ce ya yarda.

MalamSani_Mairuno
Jari shi ne abin da aka damƙa wa mai aiki. Idan riyal aka ba shi ya canza da kansa, canjin yana cikin aikin, kuma riyal za a cika kafin a yi maganar riba. Idan kawu ne ya canza a Jidda, jine suka sauka a asusun yaron, jarin jine ne. Abin lura, cika riyal ba lamuni ba ne. Ma'auni ne kawai na gane ko an ci riba. Idan bai cika ba, ba a bin yaron cikon.

Ibn_Yaqub
Malam, da izininka. A aikace ai ba wanda ke ɗauko takardar riyal daga Jidda ya kawo Gadarif. Ana ba mai canji a can, a nan a ga saƙo ya shigo manhajar banki ta Bankak da jine. To mai canjin wakilin wa ne? Idan na kawu ne, jarin jine ne ko an so ko an ƙi, rubuta "riyal" a takarda ba zai canza abin da aka karɓa ba. Ina tsoron kada a buɗe ƙofar da mai kuɗi zai riƙa kare kansa daga faɗuwar jine da gumin mai aiki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bashi da irin kuɗinsa ake biya, ba a ɗaure shi da hawa da saukar farashi.

MalamSani_Mairuno
Wancan hukuncin a kan bashi ne, ƙiradi kuwa amana ce ba bashi ba. Kuma suna iya warware abin da ka ce cikin sauƙi: kawu ya ce "na ba ka riyal 10,000 ƙiradi, ka zaɓi mai canjin da kake so, ka yi ciniki da shi," sai ya miƙa wa wanda yaron ya turo. Mai karɓar ya zama wakilin yaron.

Ibn_Yaqub
Na ji, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Saye da sayarwar duk da jine za a yi, yaron bai da iko a kan farashin riyal, kuma an ɗora sakamakon aikinsa a kansa. Zan tambayi malaminmu a nan Sinnar.

Usman_Mai_Awo
Ibn Yaƙub, ga abin da zai ɗan rage damuwarka. Ridi kayan fitarwa waje ne, manyan masu saye a kasuwar amfanin gona ta Gadarif da dala suke lissafi. Idan jine ya faɗi, sau da yawa ridi kan bi shi ya hau, ko da ba a rana ɗaya ba. Da dawa ce zai ajiye da na fi jin tsoron ma'aunin riyal. Sannan idan an zaɓi riyal, yaron yana da hujjar neman kaso mafi tsoka, kamar 60 cikin 100, tunda ribar da za a raba ta tsuke.

Baban_Walid
Ku kuna ta wahalar da yaro. Ya je banki mana. A zamanin Numairi, wajen 1984, aka hana bankunan Sudan kuɗin ruwa. Bankin Faisal ma tun 1977 aka kafa shi. Murabaha za su yi masa, su saya masa kaya ya biya a hankali, shi ke nan, ba kawu ba rigima.

Zaki_Damazin
Baban Walid, murabaha halal ce idan an yi ta da gaske, wato banki ya sayi kayan, ya mallaka, sannan ya sayar maka da ribar da aka sani. Amma ka sani bashi ce. Ridi ya faɗi ko ya tashi, ranar biya ranar biya ce, kuma cak za ka sa wa hannu. Wanda ya san sashe na 179 na dokar laifuka ya san inda cak mara kuɗi ke kai mutum. Ƙanin matata ya karɓi irin wannan a wani banki, aka rubuta buhunan sukari, shi ko ganin sukarin bai yi ba, a take aka karyar da shi ga ɗan kasuwar da ya kawo takardar farashin, aka ba shi kuɗi ƙasa da abin da aka rubuta masa. Tun ranar farko da giɓi ya fara. Sai da aka sayar da filin gado aka fito da shi. Mai fara kasuwa da ba shi da komai a baya, ƙiradi ya fi masa sauƙi nesa, don faɗuwa ba ta mayar da shi mai bashi.

Baban_Walid
Wannan ai laifin waɗanda suka yi ne, ba na murabaha ba.

Zaki_Damazin
Ban musa ba. Amma ko ta gaskiyar ce, sai ya kawo mai tsaya masa ko jingina. Yaron shago ina zai samo?

Manomi_Hawata
Tunda ridi ake magana, ni shawarata ya ba manoma kuɗin tun damina su biya shi da ridi in an yanke. Ya fi arha sosai. Haka 'yan kasuwa ke mana shel tun kakanninmu.

Ummu_Rayyan
Shel ɗin da ya talauta manoma? Babana duk shekara rabin amfaninsa na mai shel ne tun bai kai gida ba.

MalamSani_Mairuno
Asalin cinikin halal ne, shi ne salam. Hadisin Ibn Abbas ya ce a yi shi da mudu sananne, awo sananne, zuwa lokaci sananne. Kuɗin a biya gaba ɗaya a farko, Malikiyya sun yi rangwamen kwana 3. A faɗi irin ridin, fari ko ja, da kintari nawa, kuma ba a ɗaure shi da gonar wane. Abin da Ummu Rayyan ke kuka da shi shi ne matse mabuƙaci a farashi lokacin da ba shi da na ciyawa. Amma wannan kakar ai lokacinsa ya wuce, kuma ban ba sabon hannu shawarar ya raba kuɗin wani a hannun manoma goma ba.

Ɗan_Gadarif
Allah Ya saka da alheri. Mu dawo kan kawu. Na fahimci abin da ya fi damunsa shi ne cefanen iyalinsa duk wata, shi ya sa ya yanka 300. Akwai hanyar da zan riƙa ba su wani abu ba tare da an faɗa haram ba?

Ibn_Yaqub
Malaman zamani da yawa sun yarda a riƙa ba da wani abu a kan lissafi, a rubuta, ranar rabo a cire daga kasonsa. Idan ribar ba ta kai ba, abin da ya karɓa daga uwar kuɗinsa ya fita.

MalamSani_Mairuno
Haka ne, amma mu da muka tashi da Risala mun san abin da Ibn Abi Zaid ya ce a babin: ba a raba riba sai jari ya koma kuɗi. Hikimar a fili take. Yau ka ga kamar an ci riba, gobe farashi ya karye, ka riga ka raba abin da babu.

Usman_Mai_Awo
Ku bar ma hukunci, ku dubi sana'ar. Ridin da ke kwance a sito ba ya haihuwar kuɗi duk wata. Daga ina 300 za ta fito? Ko ka sayar da buhu tun lokaci bai yi ba, ko ka ci daga jarin. Wata biyar 1,500 ke nan. Gara ka faɗa wa kawu gaskiya: ya ware 1,500 a gefe a matsayin cefane, ba ruwansu da kasuwanci, ya ba ka 8,500 ƙiradi. Iyali sun samu nasu, lissafi ya fita tsaf. In kuma lallai kuɗin wata-wata yake so daga dubu gomansa, ya sayi abin da ake ba da haya, kamar yadda Abu Safiyya ya kawo misali, ya bar maganar ridi.

Abu_Safiyya
Kun ga dai maganata ba ta faɗi ƙasa ba.

Hajiya_Kasala
Ni abin da nake son a fayyace wa yaron nan shi ne sakaci. Malam ya ce ba ya biya sai ya yi sakaci. To wa zai yanke cewa sakaci ne? Kawu yana Jidda, ba ya gani.

Usman_Mai_Awo
Tambaya mai kyau Hajiya. A ridi abubuwan sanannu ne. Wanda ya saya da ɗanshi ya ɗinke buhu, ya jibge a ƙasa ba katako, ko ya ga rufin sito na yoyo ya ƙyale, ko ya bar ƙwaron nan mai tsotse mai ya shiga bai duba ba, ko ya ba da kaya bashi ga wanda bai sani ba alhali an hana shi, duk ɗan kasuwa zai ce masa kai ka jawo. Amma farashi ya karye, ko hanyar Bur Sudan ta tsaya masu fitarwa suka daina saye, ko gobara daga maƙwabta, wannan ba hannunsa. Akwai kuma ragin da ba makawa: ridi na ƙara bushewa, kuma in aka tankaɗe ƙasa da tsakuwa suna fita, kintarin da ka saya a ƙauye ba zai cika a ma'aunin kasuwa ba. Ka gaya wa kawu wannan tun yanzu, kada ya ji shi ranar rabo ya ɗauka an ci shi.

Ka sayi littafi. Kowane saye: rana, ƙauye, kintari nawa, nawa aka biya. Ka ɗauki hoton shafin ka tura masa duk mako. Kuma kada kuɗin nan su haɗu da naka a asusu ɗaya.

Ɗan_Gadarif
Abincina da kuɗin mota idan na fita ƙauye fa, daga aljihuna ko daga jari?

MalamSani_Mairuno
Idan tafiya ce ta kasuwancin, kuma jarin mai kauri ne, Malikiyya sun ba ka ci daga ciki gwargwadon al'ada. Kana cikin gari kuwa, a gidanku za ka ci. Ku rubuta wannan ma, da shaidu biyu, ɗaya daga cikinsu ɗan kasuwar ridi da ku duka kuka yarda da shi, don in an yi saɓani a kan sakaci shi za a fara tambaya.

Manomi_Hawata
Wani abu da ba ku taɓo ba. A ƙauye yawancinmu tsabar kuɗi muke so, ba saƙon waya ba. In ya zo da kuɗi a Bankak sai ya nemi mai ba shi takarda, su kuma sai sun cire wani abu. Wannan cirewar fa?

Ibn_Yaqub
Jine da jine ne, ƙari ko ragi a ciki bai halatta ba. Mafita ya nemi mai shago ko mai hatsi da ke tara tsaba yana buƙatar turawa, su yi musaya daidai wa daida. Ubangidansa na kasuwa zai iya yi masa wannan.

Ummu_Rayyan
Ni har yanzu ajiye kaya a jira tsada bai kwanta mini ba. Ba ɓoye abinci ba ne?

Zaki_Damazin
Da kaka ake maganar saye, lokacin da kasuwa ta cika har farashi na faɗuwa, ba lokacin da mutane ke nema babu ba. Kuma buhunan da 8,500 za ta saya ko a jikin kasuwar Gadarif. Amma a buɗe wa wannan zare nasa, Malam ya yi mana bayani.

Ɗan_Gadarif
Na kira kawu bayan isha'i. Maganar ware 1,500 ta cefane ya karɓa nan take, har ya ce ya fi masa. Rabi da rabi ma bai ƙi ba. Inda muka tsaya biyu ne. Ya ce lallai da riyal za a auna, ni kuma na ce in haka ne a ba ni 60, ya ce zai yi tunani. Na biyu, har yanzu yana cewa "to in kuɗin suka narke fa, shi ke nan?" Na ce masa haka Malam ya ce, sai ya yi shiru, ya ce zai tambayi wani malami a masallacinsu ranar Juma'a. Yaya Usman, in ba damuwa zan shigo rumfarka gobe ka nuna mini yadda ake gane ɗanshi, don 'yan Doka sun ce an fara yanka.

Usman_Mai_Awo
Ka zo bayan azahar, da safe ina wajen gwanjo. Ka taho da ɗan samfur daga wanda aka ce za a sayar maka.